Jan goma a kan farin allo: yadda aikin bidiyon ruwa kan ruwa yake tafiya

3 ga Maris

Yau muka zauna ni da ƙanwata, wadda ita ce za ta yi zanen, muka tsayar da abin da muke nema. Bidiyo ne na minti uku da rabi, hannu yana zane a kan farin allo, murya tana bayani, don yara masu shekara 13 zuwa 16. Abin da za a koyar shi ne yadda kuɗin ruwa yake haifar nasa kuɗin ruwan idan an bar shi ya haɗu da uwar kuɗi. Na gwada sunaye da dama a bakina, wanda ya fi zama shi ne "ruwa kan ruwa", gajere ne kuma ba ya cin lokacin murya.

Misali ɗaya za mu riƙe daga farko har ƙarshe: akwati biyu, kowanne an zuba masa 1,000, kowanne yana samun kashi 10 cikin ɗari a shekara. A akwatin hagu, a kan dubun farko kaɗai ake lissafa ruwan, don haka 100 yake samu kowace shekara. A na dama, ana lissafawa a kan duk abin da yake ciki a lokacin. Ba mu sa sunan wani kuɗi ba. Kashi 10 kuma don sauƙin lissafi muka ɗauke shi, yaro zai iya cire sifili ɗaya da ka ya samu amsa. Na rubuta a gefen takarda cewa dole muryar ta faɗi haka a fili, kada wani ya tashi da tunanin cewa ko'ina kashi 10 ake bayarwa.

Na fitar da lambobin a takardar lissafi ta kwamfuta, shekaru a layin A, wannan kuma a gefensu:

```
=1000*1.1^A2
```

Akwatin dama ya ba da 1,100, sai 1,210, sai 1,331. A shekara ta 10 yana da 2,594, ta 20 yana da 6,727, ta 30 kuma 17,449. Na hagu a waɗannan shekaru uku yana da 2,000 da 3,000 da 4,000.

6 ga Maris

Na gama rubutun farko, kalmomi 480. Na auna karatuna da agogo sau uku a kan wani sakin layi daban, na ga ina yin kalma wajen 140 a minti idan ina magana yadda zan yi wa ɗalibi. A lissafi ke nan rubutun zai ɗauki minti uku da daƙiƙa 26. Da na karanta shi a bayyane sai ya kai minti huɗu da daƙiƙa 20.

Lambobi ne suka ci ni. A takarda 17,449 kalma ɗaya ce ga kwamfuta. A baki kuwa "dubu goma sha bakwai da ɗari huɗu da arba'in da tara" ce, kalma goma sha ɗaya, kusan daƙiƙa biyar. Haka alamar kashi cikin ɗari, tabo ɗaya ce a takarda amma kalma huɗu ce a baki duk lokacin da aka ce "kashi goma cikin ɗari". Daga yau duk lambar da murya za ta faɗa da haruffa nake rubuta ta a rubutun murya, don ƙidayar ta zama gaskiya. Kuma na raba aikin: allo ya ɗauki cikakkiyar lamba, murya ta faɗi ta kusa. Hannu zai rubuta 17,449, baki ya ce "sama da dubu goma sha bakwai".

Na kuma cire maganar nan da ake jingina wa Einstein, wai ruwa kan ruwa shi ne abin al'ajabi na takwas a duniya. Ba a samo ta a rubuce-rubucensa ba, kuma ko da ya faɗa, ba ta koya wa yaro komai.

9 ga Maris

Mun yi musu a kan launi. Ƙanwata tana so kowane akwati ya sami launinsa, hagu kore, dama shuɗi, don ya yi kyau a ido. Na ce mata ai hagu da dama sun riga sun raba akwatunan, launi kuma wani aiki nake so ya yi. Baƙi shi ne uwar kuɗi. Shuɗi shi ne ruwan da uwar kuɗi ta haifa. Ja shi ne ruwan da ruwa ya haifa. Idan aka bi wannan, akwatin hagu ba zai taɓa ganin ja ba har bidiyon ya ƙare, kuma jan maka, wato alƙalamin rubutu a allo, ba zai fito ba sai a shekara ta biyu, a wuri ɗaya, ya rubuta 10.

Ta ce, "Yaya, wato kusan minti ɗaya da kwata babu ja ko ɗigo?" Na ce haka nake so. Ranar da ya fito kowa zai gan shi.

Wannan goman shi ne bidiyon gaba ɗaya. A shekarar farko akwatunan biyu daidai suke, 1,100 da 1,100. A ta biyu ne na dama ya sami 110 maimakon 100, kuma goman da ya ƙaru ɗarin bara ne ya haife shi. Yaron da ya gane inda goman nan ya fito ya gane darasin, sauran maimaici ne da girma. Wanda bai gane ba kuwa, ko an nuna masa 17,449 sai dai ya ce abin ya burge shi.

Da wannan rabo, shekara ta 30 ta akwatin dama ta kasu uku: baƙi 1,000, shuɗi 3,000, ja 13,449. Baƙi da shuɗi su ne daidai abin da yake akwatin hagu. Duk bambancin ja ne.

13 ga Maris

Tsarin zane a kan allo. Allonmu faɗinsa santimita 120 ne, kuma hoton bidiyo mai fasalin 16:9 yana ɗaukar tsayin santimita 67 da rabi daga ciki. Mun liƙa tef a iyakokin don hannu ya san inda hoto ya ƙare.

Ƙanwata da dama take rubutu, saboda haka komai zai tafi daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. Idan aka bi haka, hannunta farin wurin da ba a taɓa ba yake rufewa, abin da ta riga ta zana yana fili. Da muka gwada fara akwatin dama sannan ta koma na hagu, dantsenta ya rufe na daman gaba ɗaya na tsawon daƙiƙa shida, gefen hannunta kuma ya goge rabin sifili. Wannan ne ya sa akwatin da ba ya ninkuwa ya zama na hagu: shi ake fara zanawa a kowace shekara, shi ne wanda yaro ya riga ya yi tsammani, sannan a zo kan na dama mai abin mamaki.

A cikin kowane abu ma akwai na gaba da na baya. Fasali ne farko, sannan lamba, sannan kibiya. Idan aka ja kibiya kafin a zana inda za ta, ido yana bin ta ya faɗa fili, mai kallo ya shagala da tunanin me zai fito can, ya bar sauraro. Mun kuma yarda ba za a zana fuskar mutum ba. Na so a sa yaro da yarinya kusa da akwatunan, amma fuska ɗaya tana cin daƙiƙa 40 na zane, kuma da zarar ta fito ido ba ya barin ta.

17 ga Maris

Na sake rubuta sashen shekara ta biyu sau biyar. Ga yadda ya tsaya, daƙiƙa 47, daga 0:48 zuwa 1:35. A lokacin da ya fara, allo yana ɗauke da akwati biyu, kowanne da baƙin 1,000 a ciki da shuɗin 100 guda a samansa.

0:48. Murya: "Shekara ta biyu. Akwatin hagu bai canza hali ba: ɗari ya bayar bara, ɗari zai bayar bana." Hannu ya ɗora shuɗin 100 na biyu a kan na farko, a hagu.

0:56. Murya: "Na dama kuwa, ba dubu ɗaya ce a cikinsa yanzu ba. Dubu ɗaya da ɗari ɗaya ce." Hannu ya zagaye baƙin 1,000 da shuɗin 100 da da'ira ɗaya. Da'irar ta rufe daidai kan kalmar "ce" ta ƙarshe.

1:04. Murya: "To nawa ne kashi goma cikin ɗari na wannan?" Alamar tambaya a saman da'irar. Daga 1:08 zuwa 1:11 shiru, hannu ya fita daga hoto.

1:11. Murya: "Ɗari da goma." Shuɗin 100 a kan "ɗari", jan 10 a kan "goma". Shiru na daƙiƙa biyu.

1:15. Murya: "Dubi wannan jan goman. Ba dubunka ce ta haife shi ba. Ɗarin bara ne ya haife shi." Jar kibiya ta tashi daga shuɗin 100 na bara ta sauka kan jan 10. Ba za ta fara ba sai an ce "ɗarin bara".

1:23. Murya: "Kuɗin ruwa ya haifi nasa kuɗin ruwan. Shi ake kira ruwa kan ruwa." Hannu ya rubuta sunan a saman allo da ja.

1:29. Murya: "Hagu dubu da ɗari biyu, dama dubu da ɗari biyu da goma." A ƙarƙashin akwatunan, 1,200 sannan 1,210.

Abu biyu na riƙe a nan. Sunan abin bai fito ba sai bayan an ga abin. A rubutun farko da sunan na buɗe bidiyon, har da ma'anarsa, daƙiƙa goma sha biyu na magana a kan abin da yaro bai taɓa gani ba. Na biyu, lokacin zane da na murya ba iri ɗaya ba ne ga hoto da lamba. Akwati ko da'ira na iya fara fitowa rabin daƙiƙa kafin a ambace su, hakan ma ya fi, ido ya isa wurin kafin kunne. Amma lambar da take amsar tambaya ba ta riga murya ko da ƙiftawar ido, in ba haka ba shirun da aka bari don yaro ya yi lissafi ya tashi a banza.

21 ga Maris

Mun ɗauki murya tukuna. Da can na yi niyyar ɗaukar zane sannan in bi shi da magana, amma murya ba ta miƙuwa ko ta tsuke ba tare da ta lalace ba, zane kuwa ana iya ƙara masa gudu yadda aka so. Don haka murya ce ma'auni, zane shi zai bi.

Na karanta rubutun sau huɗu, na ɗauki na uku. Minti uku da daƙiƙa 31. Na sa alama a kan kowace kalmar da zane zai sauka kanta, alamomi 38 suka fito.

24 ga Maris

Ranar ɗaukar zane ta farko, kuma rabinta ta tafi a gyaran kyamara. Fitilar da muka sa a gaban allo ta yi wani farin tabo mai ƙyalli daidai inda akwatin dama yake. Mun mayar da fitilu biyu gefe da gefe, suna haska allon a karkace, tabon ya ɓace. Sai wata matsalar: duk lokacin da hannu ya shigo, wayar tana sake daidaita haske da kaifin hoto da kanta, allon ya yi duhu ya washe. A gudun zane na gaskiya ba ka lura sosai, amma da aka ninka gudun sai ya zama kamar walƙiya. Mun kulle su biyun a kan allo kafin hannu ya shiga.

Lissafin gudu mai sauƙi ne, a raba lokacin zane da lokacin da murya ta bayar. Akwati biyu da lambobinsu sun ɗauki daƙiƙa 48, murya ta ba su 6, ninki takwas ke nan. Ga umarnin da na ba manhajar ffmpeg don ƙara gudun:

```
ffmpeg -i akwati.mp4 -vf "setpts=PTS/8" -an akwati8.mp4
```

Abin da na koya shi ne ba a ba wa kowane abu gudu ɗaya. Layukan akwati suna jure ninki takwas, har goma. Lambobi ba sa jurewa: a ninki takwas 1,210 faɗowa take yi gaba ɗaya kamar an buga hatimi, ba a ganin tana rubutuwa. Lambobi na ninki uku ne ko huɗu. Jan 10 da kibiyarsa kuwa a ninki biyu na bar su, kusan yadda hannu ya yi su. Ragewar gudun kanta tana gaya wa mai kallo cewa nan ne wurin.

28 ga Maris

Zanen layin girma ya ba mu wahala fiye da komai. Shirina shi ne bayan shekara ta uku a ci gaba da tara tubala a kan akwatunan har shekara 30, a hoto ɗaya. Da na auna sai na ga ba zai yiwu ba. Idan tsayin santimita 54 zai ɗauki 18,000, kowace dubu santimita 3 ce, goma kuwa kashi uku cikin goma na milimita. Jan goman da muka gina bidiyo a kansa ya fi bakin maka siranta nesa ba kusa ba.

Dole aka raba hoton biyu. Shekaru ukun farko suna da nasu allon, inda ake rubuta lamba ba a auna tsayi. A 2:00 ƙyalle ya goge komai in ban da sunan da yake sama, sannan a ja layin tsaye da na kwance, shekara ɗaya santimita 3 a kwance. Murya tana cewa a wurin, "Bari mu ja da baya mu hango shekara talatin," don yaro ya san ma'auni ya canza.

A gwajin farko ƙanwata da ka ta ja layin dama, ya kwanta a ƙasa har shekara 20 sannan ya miƙe sama kamar gwiwar hannu. Ya yi kyau, amma ƙarya ne. Layin gaskiya ba shi da gwiwa, kowace shekara kashi 10 yake ƙaruwa a kan na bara, daga farko har ƙarshe. Na fitar mata da tsayin ɗigo bakwai, shekara biyar-biyar: santimita 3, sai 4.8, sai 7.8, sai 12.5, sai 20.2, sai 32.5, sai 52.3. Na hagu miƙaƙƙen layi ne daga 3 zuwa 12. Mun sa alamun awon a kan tef ɗin gefe da ba ya fitowa a hoto, ta ɗiga ɗigon a gaban kyamara, sannan ta haɗa su.

Akwai hanyar duba layin ba tare da awo ba, ita ce ƙa'idar 72, wadda masanin lissafi ɗan Italiya Luca Pacioli ya ambata tun 1494. A raba 72 da yawan kashin, a sami kusan shekarun da kuɗi zai ninka. A kashi 10, shekara bakwai da 'yan watanni. Ke nan ko'ina ka tsaya a kan layin, idan ka matsa wajen santimita 22 zuwa dama, tsayin ya kamata ya ninka. Layin farko ya faɗi wannan jarrabawa tun a ninkin farko. Na so in sa ƙa'idar a cikin bidiyon, na rubuta mata daƙiƙa 20, sannan na cire. Abu ne mai daɗi, amma sabon tunani ne, kuma zai zo daidai lokacin da yaro yake ƙoƙarin riƙe na farko.

Jerin zanen wannan sashe: layin hagu tukuna da shuɗi, har ƙarshensa, a rubuta 4,000. Sannan murya ta tambayi inda na dama zai tsaya. Sannan jan layi.

2 ga Afrilu

Na haɗa komai na nuna wa yara shida, 'yan shekara 13 zuwa 16. Ban tambaye su ko sun gane ba, don duk za su ce sun gane. Na tsayar da bidiyon a 1:35 na ce kowa ya rubuta abin da akwatin dama zai samu a shekara ta uku. Uku sun rubuta 121. Biyu sun rubuta 120. Ɗaya ya rubuta 110.

Masu 120 ne suka fi jan hankalina. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, ta ce, "Malam, ai goma-goma yake ƙaruwa. Ɗari, ɗari da goma, ɗari da ashirin." Ta ga jan goman sarai, amma ta ɗauke shi wani ƙari ne da ake yi duk shekara. Laifin rubutuna ne. Sashen shekara ta uku daƙiƙa 12 kawai na ba shi, murya ta ce "ɗari da ashirin da ɗaya", hannu ya rubuta 121 dunƙule, aka wuce. Ɗayan nan da yake kan 120 shi ne shaidar cewa jan ma yana haihuwa, ni kuma na binne shi.

Na faɗaɗa sashen zuwa daƙiƙa 25. Yanzu 121 a rarrabe take fitowa: shuɗin 100 daga baƙin dubu, jan 20 daga shuɗayen ɗari biyu, sannan shiru na daƙiƙa ɗaya da rabi, sai jar kibiya ta tashi daga jan goman bara ta sauke jan 1. Murya: "Goman bara ma bai zauna haka ba. Ya haifi ɗaya." Wannan ce kibiya ta farko da ta tashi daga ja ta sauka a ja.

A wurin layin girma kuma na tsayar kafin jan layi ya fito, na ce su yi hasashe. Mafi girman abin da aka faɗa shi ne 8,000. Da layin ya wuce nan yana ta hawa, wani yaro ya ce, "Kai, ba zai tsaya ba ne?" Wannan sashen ban taɓa shi ba, sai dai na rage gudun santimita ashirin na ƙarshe.

5 ga Afrilu

Daƙiƙa 13 da na ƙara dole su fito daga wani wuri. Na yanke su daga buɗewa, wadda dama ta yi tsawo. Yanzu bidiyon da tambaya yake farawa, akwatunan suna fitowa tun daƙiƙa ta biyu: "Akwati biyu, kuɗi ɗaya, kashi ɗaya. Bayan shekara talatin ɗaya ya ninka ɗayan fiye da sau huɗu. Me ya faru?" Na duba, 17,449 a raba da 4,000 ya ba da 4.36, maganar ta tsaya.

Na daɗe ina tunanin sashen bashi, ko a sa ko a bari. Na sa shi, domin yaro mai shekara 16 ya fi kusa da cin bashi ta waya fiye da ajiyar shekara 30, kuma lissafin ɗaya ne, sai dai wanda jan yake yi wa aiki ne ya canza. Daƙiƙa 25 ne, daga 2:45. Hannu ya zana akwati ɗaya, ya rubuta "bashi" a kansa, 1,000 a ciki, kashi 5 a wata a gefe. Murya ta ce biyar sau goma sha biyu sittin ne, don haka kana tsammanin 1,600 a ƙarshen shekara. Hannu ya rubuta 1,600 da shuɗi. Shiru. Sannan a ƙarƙashinsa jan 196, a ja layi, 1,796. Kalmar "a wata" ita ce za a ja wa layi biyu, saboda a gwaji da na karanta wa yaran wannan sashe, huɗu sun ɗauka kashi 5 ya fi kashi 10 sauƙi, ba su ji cewa ɗaya na wata ne ɗaya na shekara ba.

Tsadar kaya jimla ɗaya ta samu, a ƙarshen layin girma: idan farashi yana tashi fiye da kashin da ake ba ka, lambar tana girma amma abin da za ta saya yana raguwa. Na san jimla ɗaya ba ta isa ba. A kashi 10 na ruwa da kashi 12 na tashin farashi, 1,100 ɗinka abin 982 na bara za ta saya. Wannan bidiyo ne na kansa, ba zan cusa shi nan ba.

9 ga Afrilu

Dabarar lissafin ta zo a ƙarshe, daƙiƙa 15:

```
A = P(1 + r)^n
```

Ba daga hagu ake rubuta ta ba, wannan ne wuri ɗaya da muka karya ƙa'idarmu. Hannu yana fara rubuta 1,000 × 1.1 × 1.1 × 1.1 = 1,331, lambar da yaran suka riga suka sani. Sannan a ƙarƙashin kowane abu a sa harafinsa: P a ƙarƙashin dubu da baƙi, (1 + r) a ƙarƙashin 1.1, n a wurin da aka ƙirga sau nawa aka ninka, A kuma, wato 1,331, a ƙarshe za a rubuta shi, can a hagun P. Ƙanwata ta ce dantsenta zai rufe P lokacin da za ta koma rubuta A a hagu. Gaskiyarta, amma daƙiƙa ɗaya ce, kuma na fi son haruffan su fito a jerin da aka yi lissafin.

Mun sake ɗaukar shekara ta uku da sashen bashi. Jan makan ya fara bushewa, ya koma kamar ruwan hoda a kyamara, har bai yi kama da jan 10 na ɗaukar farko ba. Tunda ma'anar bidiyon a kan launin take, mun sayi sabo muka sake ɗaukar duk inda ja ya fito, har da shekara ta biyu.

12 ga Afrilu

Na nuna wa wasu yara biyar da ba su ga na farko ba. Na tsayar a 2:00 na tambayi ruwan shekara ta huɗu. Huɗu sun rubuta 133, ɗaya daga cikinsu ma 133.1 ya rubuta, wanda shi ne daidai. Ta biyar ta rubuta 132, da na duba takardarta sai na ga kashi 10 na 1,321 ta ɗauka. Hanyarta daidai ce, lambar ce ta karanta ba daidai ba, kuma da na koma bidiyon na ga dalili: 1,331 daƙiƙa ɗaya kawai take yi a allo kafin ƙyallen gogewa ya shigo, uku na biyu kuma ƙafarsa ta yi gajarta har ya yi kama da biyu.

Gobe za mu sake rubuta lambar, in kuma jinkirta ƙyallen da daƙiƙa biyu. Zan ciro su daga shirun da yake bayan 4,000, wanda yanzu daƙiƙa biyar ne, uku za su ishe shi.